Ku duba mini wannan talla kafin in ɗora: kwanakin isowa, kuɗin aikawa da sharaɗin mayarwa

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Fitilun tebur nake sayarwa, masu gindin tangaran da hular yadi, kuma yanzu zan fara karɓar oda daga nesa. Ga abin da na rubuta a ƙarƙashin hoton, ina so waɗanda suka riga ni a harkar su duba mini:

"Fitilar tebur, tsawo santimita 38, gindin tangaran. Ana aikawa cikin kwana 3. Kuɗin aikawa ya danganta da inda kake. Ana karɓar mayarwa idan akwai matsala."

Ya isa haka, ko da abin da zan ƙara? Ba na son in cika surutu mai saye ya gudu.

Alhaji Garba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ni a ganina ma kin yi yawa. Talla hoto ne da farashi. Sauran magana idan mutum ya tuntuɓe ki sai ku yi ta tsakaninku, kowa da irin yadda za a bi da shi. Wannan layin na mayarwa kuwa cire shi. Duk wanda kika gaya wa ana mayarwa kin koya masa mayarwa ke nan. Ni abin da nake rubutawa kullum shi ne, kayan da aka saya ba a dawo da shi.

Malam Sani: Alhaji, a gafarce ni, a nan zan saɓa maka. Na daɗe ina aikin karɓar koke tsakanin masu saye da masu sayarwa, kuma rigimar da ta fi wuyar rabawa ba ta mai ha'inci ba ce. Ta mutum biyu ce masu gaskiya, kowa ya karanta layi ɗaya ya fahimci abu daban. Layuka ukun Maman Hanifa duk irin waɗannan ne.

Bari in fara da na farko, Hajiya. "Ana aikawa cikin kwana 3." Ke a ranki, cikin kwana uku za ki miƙa kwalin ga kamfanin dako. Mai saye kuma a ransa cikin kwana uku fitila za ta shigo hannunsa. Lokaci iri biyu ne a nan, kuma sai an rubuta kowanne da kansa: kwanakin da kike ɗauka kina haɗa kaya da naɗe shi, wanda yake hannunki, da kwanakin hanya, wanda yake hannun masu dako.

Mu ƙaddara haɗawarki kwana 2 ne na aiki, hanya kuma kwana 3 zuwa 5 na aiki, kuma kamfanin ba ya ɗauka ko kaiwa Asabar da Lahadi. Wani ya biya ranar Alhamis da dare, kin riga kin tashi. Lissafi zai fara ne Juma'a. Juma'a ɗaya, Litinin biyu, ranar kika miƙa. Hanya ta fara Talata, in an yi sa'a ya iso Alhamis, in an ja ya kai Litinin ta sama. Wato daga ranar da ya biya, kwana 7 zuwa 11 ke nan a kalanda. Shi kuwa da ya ga "kwana 3" tun Lahadi yake leƙen ƙofa. Ba ki yi jinkiri ko na awa ɗaya ba, amma ranar Talata ya riga ya fara turo miki saƙo cikin fushi, ranar Laraba yana neman kuɗinsa.

Maman Hanifa: Malam, to ai ni ban san takamaiman kwanakin hanya ba. Kamfanin sun ce kwana 2 zuwa 3. In rubuta nasu?

Malam Sani: Kada ki kwafi na jikin tallarsu, don su mafi kyawun ranarsu suke faɗa, kuma ba su lissafa ranar karɓa. Ki ɗauko rasiɗan kayan da kika taɓa aikawa ta hannunsu, ko na wata abokiyar sana'a, kamar ashirin ko talatin na baya-bayan nan. Kowanne ki rubuta ranar da aka miƙa da ranar da aka sa hannu aka karɓa. Sannan kada ki ɗauki matsakaici. Idan kika yi alkawari da matsakaici, kusan rabin kayanki za su makara. Ki nemi adadin kwanakin da tara cikin goma suka isa a cikinsa, shi ne iyakarki ta sama. Mai saye da kika ce wa bakwai ya samu a biyar zai yi miki godiya. Wanda kika ce wa uku ya samu a biyar ɗin nan dai zai rubuta cewa ba ki cika alkawari.

Abu biyu kuma ki saka. Ki faɗi ranakun da kike nufi da ranakun aiki, don ba ko'ina hutun mako yake faɗawa Asabar da Lahadi ba, wasu ƙasashen Juma'a da Asabar ne. Ki kuma faɗi daga yaushe agogo yake fara bugawa: daga shigowar kuɗi, ba daga lokacin da ya ce "ina so" ba. Da sa'ar rufewa, misali duk kuɗin da ya shigo bayan ƙarfe 2 na rana na gobe ne.

Nura: Ni dai shawarata ki nemi kamfani mai sauri ki huta. Akwai masu kaiwa washegari. Tsada ne kawai.

Anti Rabi: Nura, ba sauri take tambaya ba, abin da za ta rubuta take tambaya. Ni mai saye ce, bari in faɗa muku yadda abin yake daga ɓangarenmu. Na taɓa yin odar wata jaka zan ba ƙanwata kyauta a ranar da na sa a raina. Tallar ba ta ce komai a kan lokaci ba, na tambaya a saƙo aka ce mini "ba ya daɗewa". Ranar ta zo ta wuce. Da aka kawo, jakar lafiyarta ƙalau, amma amfaninta a wurina ya wuce. Da an rubuta mini mako biyu ne, wallahi da ko dai na yi odar da wuri ko na nemi wata, kuma da ban riƙe kowa a zuciya ba. Jinkirin bai ƙona mini rai kamar rashin sanin ba. Kullum sai na buɗe waya in tambaya, kullum amsa ɗaya, "yana hanya".

Malam Sani: Abin da Anti ta faɗa ya tuna mini layin da yawancin masu talla suke mantawa: me zai faru idan lokacin ya wuce? Ki rubuta shi tun yanzu da hankalinki yake kwance. Misali, idan kwana 10 na aiki suka cika kaya bai iso ba, mai saye yana da zaɓi, ya ƙara jira ko a mayar masa da kuɗinsa duka. Wannan ba baƙon abu ba ne. A Amurka dokar FTC, hukumar kula da harkokin ciniki ta ƙasar, ta ce mai sayarwa ta intanet ya aika kaya cikin lokacin da ya faɗa, in bai faɗi lokaci ba to cikin kwana 30, in kuma zai makara dole ya sanar da mai saye ya ba shi damar fasawa. Dokar Tarayyar Turai ta 2011 kan haƙƙin masu saye ita ma kwana 30 ta yanke don isar da kaya idan ba a yi wata yarjejeniya ba. Wato a waɗannan wurare shirunka ba ya ba ka sarari, doka ce take cike maka gurbin da ka bari.

Alhaji Garba: To na ji na lokaci. Amma kuɗin aikawa fa? Gaskiya ta faɗa, ya danganta da wuri. Ta yaya za ta sa farashi ɗaya alhali wani yana kusa wani yana ƙarshen duniya?

Malam Sani: Gaskiya ne ya danganta, Alhaji, amma "ya danganta" ba farashi ba ne. Mai saye ya riga ya yanke shawara a kan kuɗin da ya gani. Idan daga baya aka ce ya ƙaro wani abu, ko kaɗan ne, ji yake an ja shi ne aka shigar da shi sannan aka rufe ƙofa. Ba farashi ɗaya za ta sa ba. Ta raba wurare gida uku: kusa, sauran cikin ƙasa, sai waje idan tana aikawa waje. Kowane gida da kuɗinsa a rubuce. Wurin da ba ta san kuɗinsa ba, ta ce ba ta aikawa can sai an tambaya kafin a biya.

Sai dai Hajiya, kafin ki rubuta ko sisi, faɗa mini girman kwalinki da nauyinsa bayan kin naɗe.

Maman Hanifa: Na auna. Kilo 2.5 ne da komai da komai. Kwalin kuma 30 da 30, tsawo 45, saboda hular tana cin wuri. Na duba jadawalinsu na ga kuɗin kilo 3, shi nake shirin sawa.

Malam Sani: Alhamdu lillahi da kika tambaya kafin ki ɗora. Ba kuɗin kilo 3 za su caje ki ba. Masu dako, musamman na jirgin sama, suna auna abu biyu, nauyin sikeli da nauyin girma, sai su ɗauki wanda ya fi yawa, domin kwali marar nauyi ma yana cinye wurin da wani kaya zai zauna. Lissafin da DHL Express da ire-irensu suke yi da santimita shi ne:

```
(30 x 30 x 45) / 5000 = 8.1 kg
```

Kin ga fitilarki mai kilo 2.5 a wurinsu kilo 8.1 ce, kuma da yawa sukan cika ta zuwa 8.5. Wasu kamfanonin da 6000 suke rabawa, wasu da 4000, wasu masu motar ƙasa ba sa yin wannan lissafin sai kwali ya wuce wani girma. Don haka ki tambayi naki da baki: da nawa kuke rabawa? Da kin sa kuɗin kilo 3 a talla, ranar da kika je wurinsu za a faɗa miki wani kuɗin, sai ki tsaya tsakanin abu biyu marasa daɗi, ki cika daga aljihunki ko ki koma wa mai saye ki ce ya ƙaro. Na biyun shi ne mafarin rabin rigimar da nake gani a kan kuɗin aikawa.

Alamar da za ki gane kayanki na cikin wannan aji: duk abin da kika ɗaga kika ji bai kai girman kwalinsa nauyi ba. Fitila, matashi, kwando, hula.

Zainabu: Idan ta cire hular ta kifa ta, ta zura gindin a ciki, kwalin zai iya saukowa zuwa 25 a tsawo. 30 sau 30 sau 25 a raba da 5000, kilo 4.5 ke nan. Kusan rabi.

Maman Hanifa: Na gwada haka Zainabu, tangaran ɗin yana danne yadin ya bar masa shaida. Sai dai in sa kwali a tsakani, zan sake gwadawa.

Nura: To me zai hana ta rubuta "aikawa kyauta" kawai? Mutane suna son ganin kyauta. Shi ke nan babu gardama.

Malam Sani: Ana yi, Nura, kuma yana jawo masu saye. Amma ba kyauta ba ce, an zuba kuɗin ne a cikin farashi, na kusa yana tallafa wa na nesa. Ga kaya ƙarami mai tsada yana tafiya daidai. Ga kwali mai kilo 8 a lissafi, mutum ɗaya daga nesa zai iya cinye ribar uku. Kuma yana da wata illa a ranar mayarwa: tunda ka ce kyauta ne, ba ka da bakin cewa za ka cire kuɗin aikawa daga abin da za ka mayar, sai in ka rubuta hakan tun farko.

Ga mai aikawa waje kuma akwai kuɗin kwastan. Ƙasar mai saye ce take yanka shi, kuma in ba a faɗa ba, mai kawo kaya zai tsaya a ƙofa ya ce sai an biya. Da yawa nan take suke cewa ba sa so, kaya ya juyo, a caje ka na dawowa. A takardun kamfanin dako za ka ga DAP, wato mai saye ne zai biya fito, ko DDP, wato kai ka biya komai har ƙofa. Kada a rubuta wa mai saye waɗannan haruffa, ba zai gane ba. A ce masa a fili: kuɗin kwastan na ƙasarka, idan akwai, kai za ka biya lokacin karɓa.

Alhaji Garba: Duk na yarda. Amma maganar mayarwa ina nan a kan bakana. Na ga wanda ya sayi kaya ya yi amfani da shi a taro ya dawo da shi ya ce bai yi masa ba. In ka buɗe ƙofar nan ba ka iya rufe ta.

Malam Sani: Irin waɗannan mutane suna nan, Alhaji, ban musa ba. Kuma kana da gaskiya a rabi: a wurare da yawa mai sayarwa yana da ikon cewa ba ya karɓar kaya don kawai mai saye ya sauya ra'ayi. Inda maganarka ba ta kai ba shi ne kaya mai aibi, ko wanda ya saɓa da abin da aka siffanta. A nan "ba a dawo da shi" ba ya kare kowa. A eBay, dandalin saye da sayarwa na intanet, ko ka rubuta ba ka karɓar mayarwa, idan mai saye ya ce kayan ba yadda aka siffanta ba ne, yana da kwana 30 daga isowa ya buɗe ƙara, kuma kai za ka biya kuɗin dawowa. Wanda ya biya da katin banki yana iya zuwa bankinsa ya nemi a janyo kuɗin, galibi har kwana 120. Ko a fiƙihu ma malamai sun raba zaɓin da ake shardantawa lokacin ciniki da zaɓin da aibi yake bai wa mai saye, ba abu ɗaya ba ne.

To matsalar layin Maman Hanifa ita ce kalmar "matsala" ta haɗe su duka. Fitila ta fashe a hanya matsala ce. Launin bai shiga da labulensa ba, a wurinsa ita ma matsala ce. Dole a raba gida biyu, kuma kowane gida a amsa tambaya huɗu: kwana nawa, daga yaushe ake ƙirgawa, wa zai biya kuɗin dawowa, nawa za a mayar.

Mu yi lissafi da lambobi kawai, a kowane irin kuɗi. Fitila 100, aikawa 15, ya biya 115. Dawowa ma 15.

Idan ta iso a fashe, ko aka aika masa wata daban, laifin ba nasa ba ne. Za ki mayar da 115 cif, in kuma kina son a dawo miki da ita ki biya wani 15. Kin yi asarar 30 ban da fitilar. Shi ya sa ga abin da ya fashe ya fi sauƙi ki karɓi hoto ki bar masa tarkacen, kada ki biya dako a kan abin da ba zai sayu ba.

Idan kuwa lafiyarta ƙalau, ra'ayi ya sauya, a nan ne abin da kika rubuta yake aiki. Kina iya cewa shi zai biya dawowa kuma 100 za ki mayar, ya yi asarar 30 ke ba ki rasa komai ba sai kwali da wahala. Amma idan kina sayar wa mutanen Tarayyar Turai a matsayin 'yar kasuwa, ba ki da wannan zaɓin. Suna da kwana 14 daga ranar da kaya ya shiga hannunsu su fasa ba tare da faɗin dalili ba, kuma 115 za ki mayar, har da kuɗin aikawa na farko a farashin aikawa ta yau da kullum. Kuɗin dawowa ne kawai yake kansa, shi ma sai idan kin gaya masa tun kafin ya saya. In ba ki faɗa ba, ke za ki biya. In kuma ba ki sanar da shi haƙƙin fasawar ba sam, kwana 14 ɗin nan yana ƙaruwa da wata 12. Kin ga inda layi ɗaya da aka ƙi rubutawa yake zama kuɗi.

Zainabu: Malam, ni ɗinki nake yi a kan awon mutum. In ya fasa wa zan sayar wa? Kenan ni ma dole in karɓa?

Malam Sani: A'a. Ita dokar Tarayyar Turai da kanta ta cire abin da aka yi musamman a kan awo ko buƙatar mutum, da abin da yake saurin lalacewa, da abin da aka liƙe don tsafta idan an ɓalle liƙin. Amma ki rubuta a tallar cewa ɗinkin awo ba a mayar da shi don sauyin ra'ayi, kuma ki ajiye awon da ya turo a rubuce. Idan kika ɗinka saɓanin awon, ya koma gidan aibi.

Zainabu: To a nan ake samun saɓani ai. Ya turo awo ba daidai ba, rigar ta matse shi, ya ce aibi ne.

Malam Sani: Shi ya sa za ki auna rigar da tef a shimfiɗe ki ɗau hoto kafin ki naɗe. Ba zai hana shi fushi ba, amma mai raba gardama zai ga lamba da lamba.

Alhaji Garba: Duk wannan in aka zuba a talla ai ta zama takardar kotu. Wa zai karanta? Ni na fi ganewa a tura wa mutum a saƙo in ya nuna da gaske yake.

Anti Rabi: Alhaji, muna karantawa wallahi, musamman in kuɗin da yawa. Ni yanzu in ban ga maganar mayarwa ba wucewa nake yi, ba na ma tambaya.

Malam Sani: Kuma saƙo ba ya maye gurbin talla, Alhaji. Sharaɗin da aka turo bayan mutum ya biya ba da shi aka ƙulla ciniki ba, yana iya cewa bai yarda ba. Wanda aka faɗa a murya ko a kira kuwa babu mai iya nuna shi. Ma'aikacin da zai duba ƙara yana da mintuna kaɗan, abin da zai fara buɗewa shi ne tallar yadda take a ranar saye. Don haka a rubuta shi da haruffa a cikin bayanin kaya, ba a cikin hoto kaɗai ba, don hoto yana yankewa a wasu wayoyin. Idan dandalin da ake ɗora tallar yana da gurbin cike kwanakin haɗawa da na mayarwa, abin da aka cike ya zama daidai da abin da aka rubuta a ƙasa. In suka saɓa, sau da yawa wanda ya fi wa mai saye daɗi ake ɗauka. Duk ranar da kika gyara talla ki ajiye hoton tsohuwar da kwanan wata, saboda wanda ya saya jiya da sharaɗin jiya ya saya.

Tsawo kuma ba dole ba ne. Layi shida ko bakwai sun isa.

Maman Hanifa: To ga gyaran, wurin kuɗi na bar shi sai na dawo daga kamfanin da kwalin a hannu:

"Lokaci: ina miƙa kaya cikin kwana 2 na aiki bayan kuɗi ya shigo, Litinin zuwa Juma'a. Hanya kwana 3 zuwa 5 na aiki. Zan turo lambar bibiya ranar da na miƙa. Idan kwana 10 na aiki suka cika bai iso ba, kana iya jira ko in mayar maka da kuɗinka duka.
Kuɗin aikawa: kusa kaza, sauran cikin ƙasa kaza. Ba na aikawa waje yanzu.
Idan ta iso a fashe ko ba ita ka zaɓa ba: turo hoton fitilar da na kwalin cikin awa 48, zan sake aiko wata ko in mayar da kuɗinka duka har da na aikawa.
Idan ka fasa: kwana 7 daga ranar karɓa, ba a yi amfani da ita ba, cikin kwalinta. Kai za ka biya dawowa, zan mayar da kuɗin fitilar cikin kwana 3 bayan ta iso hannuna."

Malam Sani: Madalla, wannan ya yi. Kwana 7 ɗin ki duba dokar masu saye ta ƙasarki da ƙa'idar dandalin, in sun ba da fiye da haka nasu ne yake aiki. Awa 48 ɗin ma ki ɗauke ta a matsayin roƙo, don ke ma ki samu ki kai kokenki wurin masu dako kafin wa'adinsu ya wuce. Wanda ya turo a kwana na uku kada ki ce ya makara. Sannan asarar mayarwa ki zuba ta a farashi: in kika ƙaddara fitila ɗaya cikin 20 za ta ci miki 30 da kuɗin yin wata, ki raba a kan ashirin ɗin.

Nura: Ta ƙara cewa dole a ɗauki bidiyo lokacin buɗe kwali, in babu bidiyo babu mayarwa. Kowa haka yake yi yanzu.

Anti Rabi: Haba Nura. Sau nawa yaro ne ko maƙwabci yake karɓar kaya ya buɗe? Kuma wa yake riƙe waya da hannu ɗaya yana yanka kwali da ɗayan? Ni in na ga wannan sharaɗin ji nake an riga an ɗauke ni maƙaryaciya.

Zainabu: Anti, amma mu ma ana cutar mu. Mutum ya yar da abu da hannunsa ya ce haka ya zo. In ba bidiyo ta ina za a gane?

Malam Sani: Hoton kwalin yana faɗin abu da yawa. Tangaran da ya fashe a hanya yawanci kwalin yana da lotsawa ko hujewa, kuma ɓaraguzan suna cikin abin naɗin. Amma ba kullum ba, na ga kwali lafiya lau abin ciki ya tsage. Ni zan rubuta "bidiyon buɗewa yana hanzarta biyan ka", ba zan mai da shi sharaɗi ba, don dandali ko banki ba lallai su kore ƙarar mutum saboda babu bidiyo ba.

Zainabu: Ni dai zan bar nawa a matsayin sharaɗi. Tunda na sa shi masu irin wannan da'awar suka ragu.

Alhaji Garba: Saura wanda zai ba da adireshi ba daidai ba, ko a kira shi ya ƙi ɗauka har kaya ya juyo. Wannan a wane gida yake, Malam?

Malam Sani: Gida na uku ne, Alhaji, kuma ka yi daidai da ka tono shi. Hajiya ki tambayi kamfanin sau nawa suke gwada kaiwa, kwana nawa suke ajiye kaya kafin su juyo da shi, kuma ko suna cajin dawowa. Sai ki ƙara layi ɗaya: idan kaya ya dawo saboda kuskuren adireshi ko rashin karɓa, sake aikawa a kan mai saye ne, in kuma ya fasa za a cire kuɗin zuwa da na dawowa.

Maman Hanifa: Gobe in sha Allahu zan kai musu kwalin su auna, zan haɗa da waɗannan tambayoyin. Zainabu, in kifa hular ya yi da kwali a tsakani zan turo miki hoto.